An yanka mini harajin Naira 870,000 a shagon tireda: me zan rubuta musu?

*Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon tireda a bakin titi, ni da yaro ɗaya. Watannin baya ma'aikatan hukumar haraji ta jiharmu suka nemi takardar asusuna ta banki ta shekara guda, na ba su. Yau kwana 12 ke nan da aka kawo mini takarda, wai na samu Naira miliyan 6, in biya haraji Naira 870,000. Wallahi ribata ba ta wuce miliyan ɗaya da rabi ba. Gaskiya ne wajen miliyan 30 ta shiga asusun, amma ƙanena yana sana'ar POS da shi, ga kuɗin adashi, ga rance. Ina da littafin ciniki, sai dai ban taɓa cike musu takardar shekara ba. Na je ofishin an ce in dawo, wani kuma ya ce in ba shi dubu 150 ya kashe maganar. Ina so in rubuta musu su tausaya su rage. Yaya zan tsara wasiƙar?*

*Mai shago*

Wa'alaikumus salam, Malam mai shago.

Kwana 18 suka rage maka, kuma daga nan za mu fara. Doka ta ba wanda bai yarda da ƙiyasin harajinsa ba kwana 30 daga ranar da takardar ta zo hannunsa ya shigar da ƙorafi a rubuce. Haka abin yake a tsohuwar dokar harajin ɗaiɗaikun mutane, haka kuma yake a dokar gudanar da haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Asabar da Lahadi suna cikin lissafin. Idan wa'adin ya cika babu rubutaccen ƙorafi a fayil ɗinka, adadin nan ya tabbata a kanka, ya zama bashin gwamnati, ko da kowa a ofishin ya san an yi maka ƙari. Daga nan ne maganar tara da rufe shago ke tasowa. Zuwan da ka yi ofis ba ya tsayar da kwanakin nan, kuma “je ka dawo” ba ta ƙara maka ko yini ɗaya. Hukuma tana da ikon ƙara wa mutum lokaci idan ya kawo uzuri mai ƙarfi, amma wannan alfarma ce, ba a jingina da ita. Ka sa wa kanka mako guda ka gama komai.

Sai maganar mai dubu 150. Kada ka ba shi. Takardar da ke hannunka tana da lamba, kuma lambar tana cikin rajistar hukuma da adadinta. Abin da ke goge adadin nan shi ne sabuwar takardar ƙiyasi da aka gyara, mai sa hannun wanda doka ta ba iko. Mutumin nan zai iya jinkirta fayil, ya hana a dame ka wata shida. Ranar da aka canja masa wurin aiki, wanda ya gaje shi zai tarar da Naira 870,000 tana nan, wa'adin ƙorafi ya wuce, tara ta hau, kai kuma ba ka da rasit ko na kwabo. Abin ma da ya fi ba ni haushi, in dai ribarka miliyan ɗaya da rabi ce, abin da yake nema ya fi harajin da ya hau kanka na gaskiya. Za ka ga lissafin nan gaba.

Yanzu wasiƙar. Ka cire maganar tausayi daga cikinta. Ba don ma'aikatan haraji ba su da zuciya ba, a'a, don jami'in da zai karanta ta ba shi da hurumin rage haraji saboda tausayi. Duk kwabon da ya rage sai ya nuna wa na sama da shi, da masu binciken kuɗi, takardar da ya dogara da ita. Wasiƙar da ke cewa kasuwa babu ciniki, iyali sun yi yawa, kaya sun yi tsada, ko ta sa shi hawaye ba ta ba shi abin da zai maƙala a fayil ba. Har ma tana iya cutar da kai, domin wanda ya roƙi rangwame kamar ya yarda ke nan adadin daidai ne, biyan ne ya gagare shi. Abin da za ka rubuta ƙorafi ne: adadin da kuka rubuta kuskure ne, ga inda kuskuren yake, ga adadin gaskiya, ga shaida. Sabuwar dokar ta faɗi abin da ƙorafi zai ƙunsa kafin a karɓe shi a matsayin ingantacce. Sai ya ambaci takamaiman abin da ake jayayya a kai da kuɗinsa, da gyaran da ake so a yi da dalilinsa, sannan mai ƙorafin ya faɗi ribar da shi ya yarda ya samu da harajin da ya yarda yana kansa. Wato ba za ka tsira da “ya yi yawa” kawai ba, sai ka kawo naka adadin.

Kafin ka kawo naka, ka gane yadda aka samo nasu. Tun da ba ka taɓa cike takardar shekara ba, doka ta yarje musu su ƙiyasta maka da iya fahimtarsu. Ba su yi laifi ba da suka ƙiyasta, amma ƙiyasi ne, kuma yana faɗuwa idan lissafi ya zo. Ka duba: kashi 20 cikin 100 na miliyan 30 shi ne miliyan 6 cif. Ina kyautata zaton haka aka yi, an ɗauki duk abin da ya shiga asusunka a matsayin ciniki, aka ce biyar ɗin kowace ashirin da biyar riba ce. Daga miliyan 6 kuma ga yadda 870,000 ta fito a sabon jadawalin matakan haraji. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, Naira 330,000 ke nan. Sauran miliyan 3 ta faɗa matakin kashi 18, Naira 540,000. Ka haɗa biyun ka ga adadin takardarka. Ashe ba a yi kuskuren tarawa ba, don haka kada ka ɓata tawada a nan. Kuskuren yana wuri biyu: an ƙirga kuɗin da ba ciniki ba a matsayin ciniki, an kuma ɗora wa tireda ribar da ba ta da ita. Kowanne da shaidarsa daban.

Na farko aikin dare biyu ne da biro. Ka buga takardar asusun ta shekarar da takardar harajin ta ambata, ba wata shekarar ba, ka zauna da ƙanenka ku bi kuɗin da suka shigo layi-layi. Kowanne ku sa masa alama: ciniki, ko POS, ko adashi, ko rance. Bari in ɗauki alƙaluma na misali da suka dace da bayaninka, kai kuma ka sa naka na gaskiya. A ce taransifar mutanen da ƙanenka ya ba tsabar kuɗi ta kai miliyan 8, kwasar adashi miliyan 1.2, rance kuma Naira 800,000. Miliyan 10 ke nan da ta ratsa asusun ba tare da ta zama ciniki ba. Saura miliyan 20 ita ce cinikin da ya bi ta banki.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana son abin da zai tsaya masa. Na POS, bayanan cinikin na'urar daga kamfanin da ya ba ƙanenka ita, ko littafinsa na kullum, yadda ranaku da adadi za su yi daidai da abin da ke takardar banki, tare da gajeren bayani mai sa hannunsa cewa sana'ar tasa ce. Ka gaya masa tun yanzu cewa ladan da yake samu a kan kowace cira samunsa ne, kuma hukuma na iya juyowa kansa ta tambaya. Gara ya ji daga bakinka. Na adashi, kwafin shafin littafin uwar adashi mai nuna zubinka da ranar kwasarka. Na rance, rubutu daga wanda ya ba ka, da shaidar biyan da ka fara idan ka fara. Abin da ka kasa samo wa shaida, ka bar shi cikin ciniki. Ka yi asarar 'yan dubbai a nan ya fi a kama layi ɗaya na ƙarya, domin daga nan sauran layukan ma ba za a ƙara yarda da su ba.

Ga inda mutane da yawa ke zamewa. Shagon tireda yana cinikin tsabar kuɗi, kuma ba duka ke shiga banki ba. Wani daga aljihun tebur yake wucewa wajen dila. Zuciya za ta ce maka tun da ba su gani ba, yi shiru. Kada ka yi. A ce littafinka ya nuna cinikin tsaba na miliyan 4 da bai shiga asusu ba, jimillar cinikinka miliyan 24 ke nan, kuma ita za ka rubuta. Ban da cewa ɓoyewa laifi ne, lissafin kansa zai tona ka: za ka kawo rasit na sarin kaya na sama da miliyan 21, ka ce ka sayar da su miliyan 20, wato shekara guda kana faɗuwa kana kuma biyan haya da albashi. Babu jami'in da zai karɓi wannan. Haka kuma idan ƙanenka yakan ɗebi kuɗin aljihun teburinka ya sallami masu cira, su kuma su tura asusunka, to wannan kuɗin cinikinka ne da ya canja kama. A ƙirga shi sau ɗaya, kada a ƙirga sau biyu, kada kuma ya ɓace tsakanin littattafanku. Shi ya sa littafin ciniki ne tushe, takardar banki mai gaskata shi ce kawai.

Na biyu, riba. Harajin nan a kan riba yake, ba a kan ciniki ba. Ana fitar da ita haka: kayan da ke shago a farkon shekara, a ce na miliyan 2, a haɗa da sarin shekara, a ce miliyan 21.5, a cire kayan da suka rage a ƙarshen shekara, a ce na miliyan 2.2. Abin da ya fito, miliyan 21.3, shi ne kuɗin kayan da aka sayar. Ka cire shi daga miliyan 24, saura miliyan 2.7. Wannan bai kai kashi 12 cikin 100 na ciniki ba, kuma ba a taɓa kuɗin gudanar da shago ba tukuna. Sai a cire hayar shago, a ce 360,000, albashin yaro 30,000 a wata wato 360,000, wuta da man janareto 240,000, kuɗin mota da dako 180,000, kuɗin shago na ƙaramar hukuma da cajin banki 60,000. Jimilla miliyan 1.2. Riba ta tsaya miliyan 1.5. Cire 800,000 da ba a taɓawa, saura 700,000, kashi 15 cikin 100 nata Naira 105,000. Tsakanin wannan da abin da aka rubuta maka akwai Naira 765,000, kuma ita ce kuɗin da kake jayayya a kai.

Abin da ake cirewa shi ne abin da aka kashe don shagon kaɗai. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, zakka, gudummawar biki, duk ba sa shiga. Sukari da taliyar da kake ɗauka daga kanta zuwa gida ba asara ba ce, ka rubuta su a matsayin kayan da ka ɗiba. Idan ka sayi firiza ko janareto a shekarar, ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya lokaci guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru, don haka ka ware shi gefe da rasit ɗinsa ka nemi a lissafa maka. Idan gidan haya kake zaune, sabuwar doka ta ba da sassaucin kashi 20 cikin 100 na hayar gida ta shekara, iyakarsa Naira 500,000, amma sai ka nema kuma ka nuna shaidar biya.

Na san matsalar: dila da yawa ba ya ba da rasit, wanda ya bayar ma wata 'yar takarda ce da ta daɗe da zama ƙunshin gyaɗa. Abin da zai cece ka shi ne ɗaya gefen takardar bankin, gefen kuɗin da suka fita. Duk taransifar da ka yi wa dilolinka tana nan da suna da rana. Ka ja musu layi, ka tara na kowane dila, ka je ya rubuta maka a takardarsa mai hatimi cewa ka sari kaya na kaza a wajensa a shekarar. Sannan ka yi wani ɗan jadawali na kaya goma da suka fi tafiya a shagonka, shinkafa, sukari, man girki, madara, sabulu da sauransu, kowanne da kuɗin sari da kuɗin sayarwa. Shafi ɗaya ne, amma a ganina ya fi kowace takarda ƙarfi wajen karya zancen kashi 20, domin jami'in ma yana sayen kayan nan, ya san farashinsu.

Wata magana da za ka ji a majalisa: wai sabuwar doka ta yafe wa ƙananan 'yan kasuwa haraji. Yafiyar da ake nufi ta harajin kamfanoni ce, ga ƙananan kamfanonin da aka yi wa rajistar kamfani. Kai da shagonka abu ɗaya ne a idon doka, ko da ka yi rajistar sunan kasuwanci, kuma harajin samun mutum kake biya wa jihar da kake zaune. Kada ka sa wannan hujjar a wasiƙa, za ta rage mata daraja.

Ga yadda jikin wasiƙar zai kasance. A kai ta ga Shugaban Hukumar Tara Haraji ta jiha, ta hannun shugaban ofishin da ya fitar da takardar. A sama sunanka kamar yadda yake a takardar, adireshin shago, lambar waya, lambarka ta mai biyan haraji, da kwanan wata. Tun da aikin ofis da Turanci ake yi, ka tsara ta da Hausa yadda ka fahimta, wanda ka amince da shi ya juya maka, ka bi alƙaluman da idonka ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa hannu. Kan wasiƙar a buga shi da kalmomin nan daidai, Notice of Objection, sai lambar takardar ƙiyasin da shekararta, don kada a jefa ta cikin tarin wasiƙun neman alfarma.

*Ranka ya daɗe,*

*Na karɓi takardar ƙiyasin haraji mai lamba kaza, ta shekarar kaza, a ranar kaza ga watan kaza. Takardar ta ƙiyasta samuna a kan Naira 6,000,000 da haraji Naira 870,000. Ina shigar da ƙorafi a kan wannan ƙiyasi cikin kwana 30 da doka ta tanada, bisa dalilai kamar haka.*

*Na ɗaya, daga cikin Naira 30,000,000 da ta shiga asusuna, Naira 10,000,000 ba ciniki ba ce. Naira 8,000,000 ta sana'ar POS ce ta ƙanena, Naira 1,200,000 kwasar adashi, Naira 800,000 rance. Shaida tana maƙale, lamba 1 zuwa 3. Cinikin shagon na shekarar, har da na tsabar kuɗi Naira 4,000,000 da bai bi ta banki ba, Naira 24,000,000 ne. Shaida lamba 4.*

*Na biyu, ƙiyasin bai yi la'akari da ainihin kuɗin kaya da na gudanar da shago ba. Kuɗin kayan da aka sayar Naira 21,300,000 ne, na gudanarwa Naira 1,200,000. Shaida lamba 5 zuwa 8.*

*Saboda haka ribar da na amince da ita Naira 1,500,000 ce, harajin da na amince yana kaina Naira 105,000, kuma na biya shi, ga kwafin rasit a lamba 9. Adadin da nake jayayya a kai Naira 765,000 ne. Ina roƙon a gyara ƙiyasin, a ba ni sabuwar takarda a kan wannan adadi, a kuma dakatar da neman sauran har a yanke hukunci a kan ƙorafin. Ina kuma roƙon a sanar da ni a rubuce hanyar da aka bi aka samo Naira 6,000,000. A shirye nake in kawo asalin littattafaina duk ranar da aka buƙata.*

Iyakarta ke nan, shafi ɗaya. Babu zagi, babu zargin kowa da cin hanci, babu ambaton mai dubu 150. Idan kana son kai ƙararsa, wannan takarda ce daban zuwa wani tebur daban, kada ka haɗa su, don kar fayil ɗinka ya koma rigimar ma'aikata.

Ka lura na sa ka ce ka biya. Ka biya ɗin kafin ka kai wasiƙar. Abin da ake dakatarwa lokacin ƙorafi shi ne ɓangaren da ake jayayya a kai, wanda ka amince da shi kuwa yana nan a kanka, kuma jinkirinsa na jawo tarar kashi 10 cikin 100 da kuɗin ruwa. Ka biya ta banki ko ta hanyar biyan da hukumar ta tanada, da sunanka da lambarka, ka karɓi rasit na hukuma. Kada ka miƙa wa kowa tsaba a ofis ko a shago. Ban da cika doka, biyan nan yana canja yadda ake kallon fayil ɗin. Mutumin da ya zo da rasit a hannu ba a yi masa kallon mai gudun haraji.

Tare da wasiƙar ka nemi fom ɗin bayanin samu na shekara ka cike da alƙaluman nan, domin rashinsa ne ya buɗe ƙofar ƙiyasi tun farko. Ana shigar da shi ne kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Ka sani rashin shigarwa yana da tararsa daban, kuma gyara ƙiyasi ba ya goge ta da kansa. Idan aka taso da ita, a nan ne roƙon sassauci yake da gurbi, a takarda ta daban, bayan an daidaita asalin harajin. Suna iya tambayar shekarun baya ma. Idan suka yi, hanyar dai ita ce wannan, shekara-shekara, kowace da jadawalin da ke aiki a lokacinta, domin shekarun da suka gabaci 2026 da tsohon jadawali ake lissafa su.

Ranar kaiwa ka tafi da kwafi biyu na komai. Asalin rasit da littafi su zauna a gida, kwafi kaɗai za ka bayar. Ka kai wajen masu karɓar wasiƙu na ofishin, a buga wa naka kwafin hatimin karɓa mai kwanan wata, wanda ya karɓa ya sa hannu ya rubuta sunansa. Kada ka bar wajen ba tare da hatimin nan ba, ko an ce oga ba ya nan, domin karɓar wasiƙa ba ta buƙatar oga. Wasiƙar da ka miƙa wa wani jami'i a hannu ya sa a aljihun tebur, a wajen doka kamar ba a rubuta ta ba. Idan aka ƙi karɓa, ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar isarwa zuwa hedikwatar hukumar, ka adana shaidar. Ka ɗauki hoton kwafin mai hatimi da wayarka tun kana bakin ƙofa.

Kwanan watan hatimin yana da amfani biyu. Yana nuna ka shigo cikin wa'adi, kuma daga shi ake fara ƙirga nasu wa'adin: sabuwar doka ta ba hukuma kwana 90 ta amsa ƙorafi, idan ba ta amsa ba ana ɗaukar ƙorafin ya karɓu. Wannan sabon abu ne, kuma yana amfanar wanda ƙorafinsa ya cika sharuɗɗan da na ambata ne kawai. Ka rubuta ranar cikar kwana 90 a bangon littafinka. Idan ta zo shiru, ka rubuta gajeriyar tunatarwa mai ambaton ranar hatimi, ka nemi sabuwar takarda a kan Naira 105,000.

Galibi dai za a kira ka zama. Ka je da littafin ciniki da ƙanenka. Za su ɗauki wasu ranaku su gwada littafi da banki, za su yi tambaya a kan albashin yaro tun da ba shi da takardar albashi, watakila su ƙi karɓar wani ɓangare na man janareto. Wannan ciniki ne na hujja, kuma ba laifi ba ne ka sassauta inda shaidarka ba ta da ƙarfi. Idan suka ƙi yarda da 200,000 daga kuɗin gudanarwa, ribar ta koma miliyan 1.7, harajin ya ƙaru da 30,000 kacal. Ka riƙe wannan ma'aunin a ka: a matakin da kake, kowace Naira 100,000 da aka ƙara wa riba tana jawo 15,000. Da shi za ka san abin da ya cancanci tsayawa a kai da wanda bai kai ɓata yini ba. Duk abin da kuka daidaita a kai, kada ka biya cikon sai an ba ka sabuwar takardar ƙiyasi mai ɗauke da sabon adadin. Yarjejeniyar baki a ofis ba ta goge tsohuwar lamba.

Idan kuwa suka ba ka takardar ƙin gyarawa, ko suka gyara zuwa adadin da har yanzu ba ka yarda da shi ba, wani sabon kwana 30 ya fara, na zuwa kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Tana da mazauni a shiyya-shiyya: ta arewa maso yamma a Kaduna, ta arewa maso gabas a Bauchi, ta arewa ta tsakiya a Jos. Mutum na iya tsaya wa kansa, ko ya ɗauki lauya ko akanta. A can nauyin nuna cewa ƙiyasi ya yi yawa a kan mai ƙara yake, don haka fayil ɗin nan da ka haɗa shi ne dai makaminka. A wannan matakin ina ba ka shawarar ka nemi akanta ko masanin haraji mai lasisi, ka tambaye shi kuɗin aikinsa da na shigar da ƙara tun farko, ka auna su da abin da ya rage ana jayayya a kai. A kan 765,000 tafiyar ta cancanta. A kan 40,000 ba ta cancanta ba.

Cikin makon nan kuma ƙanenka ya buɗe asusunsa na sana'a, kai ma ka ware na shago daga na gida, adashi ya riƙa shiga na gidan. Littafin ciniki, rasit na sari da takardun banki ka adana su aƙalla shekara 6, domin hukuma na iya waiwayar shekarun baya har zuwa nan.